Tsamin jiki bayan atisaye: tambayoyin masu horar da matasa da amsoshinsu

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin kociyoyin ƙananan kulob na unguwa, malaman motsa jiki na sakandare, da iyayen yaran da ke tsakanin shekara 13 da 18. Yawancin misalan na ƙwallon ƙafa ne, amma bayanin ya shafi masu tsere, 'yan kwando da 'yan kokawa.

Me ya sa yaro ke barin fili lafiya lau, amma washegari ya tashi jiki ya yi tsami?

Saboda irin wannan ciwon ba ya zuwa nan take. Yakan fara ne bayan awa 12 zuwa 24 da gama atisaye, ya kai ƙarshen tsananinsa tsakanin awa 24 da 72, sannan ya riƙa sauka har ya ɓace cikin kwana biyar zuwa bakwai. Shi ya sa yaron da ya sha wuya ranar Asabar zai ce maka Litinin ta fi Lahadi zafi, kuma gaskiya ya faɗa.

Aikin da ya fi jawo shi shi ne wanda tsoka ke yi tana miƙewa alhali tana riƙe da nauyi, wato aikin taka birki. Idan ɗan wasa ya sheƙo da gudu ya tsaya cak, ko ya diro daga tsalle, ko ya juya da sauri, ko ya gangaro daga tudu, tsokar gaban cinya ce ke tare nauyin jikinsa tana jawuwa. Idan ba ta saba da yawan wannan aikin ba, ƙananan zaruruwan da ke cikinta kan ɗan samu lahani wanda ido ba ya gani. Jiki sai ya tura jini da ƙwayoyin gyara zuwa wurin, wurin ya ɗan kumbura, jijiyoyin da ke kai saƙon zafi su ƙara saurin ji. Wannan aikin gyaran yana ɗaukar lokaci kafin ya kankama, shi ne dalilin jinkirin.

Abin da ke haddasa shi dai rashin sabo ne. Sabon atisaye, ko tsohon atisaye da aka ninka yawansa, ko dawowa fili bayan dogon hutu. Ɗan wasan da ya fi kowa numfashi a kulob ma zai yi tsami idan aka ba shi motsin da bai taɓa yi ba.

An ce mana laktik asid ne ke taruwa a tsoka. Ba haka ba ne?

Ba haka ba ne, duk da cewa maganar ta daɗe tana yawo a filaye. Gaskiya ne sinadarin yana ƙaruwa a jini lokacin gudu mai tsanani, amma cikin kamar awa ɗaya da tsayawa ya koma yadda yake, ko an zagaya fili ko an zauna. Abin da ya tafi tun daren Asabar ba zai zama sanadin ciwon safiyar Litinin ba.

A shekarar 1983 an yi wani gwaji a Amurka da ya fito da wannan fili. An sa mutane gudu a shimfiɗaɗɗen wuri, sinadarin ya hau a jininsu amma ba su yi wani tsami ba. Aka sa su gudu a gangare, sinadarin bai hau ba, amma tsami ya kama su sosai. Ina matsa wa kociyoyi su daina faɗa wa yara wannan magana, domin yaron da ya yarda akwai wata guba a cinyarsa zai nemi a matse masa ita da tausa mai zafi, ko ya ƙara gudu don ya "ƙone ta", kuma duka biyun ba sa taimakonsa.

To yaya zan yi wa ɗan shekara 14 bayani ya gane?

A taƙaice, kuma tun kafin ciwon ya zo. Ranar da za ka shigo da sabon atisaye, ka tara su a ƙarshe ka ce musu wani abu kamar haka: "Yau kun ba cinyoyinku aikin da ba su saba ba. Gobe za ku ji tsami, jibi zai fi, daga nan ya fara sauka. Jikinku ne ke gyara kansa, kuma idan muka sake wannan atisayen mako mai zuwa ba za ku ji kamar haka ba. Amma duk wanda ya ji zafi a wuri ɗaya tak, ko a gaɓa, ko ya ga fitsarinsa ya yi duhu, ya zo ya same ni ko ya faɗa a gida."

Idan suna son misali, ka tuna musu ranar farko ta noma. Wanda ya kama fartanya a farkon damina yakan kwana biyu bai iya sunkuyawa da kyau ba, amma bayan mako biyu yana yin aikin da ya fi wancan ba tare da ya ji komai ba. Haka tsoka take. Bayan ta sha sabon aiki sau ɗaya, takan samu kariya daga irin wannan aikin na tsawon makonni.

Abu biyu ne ba na son a faɗa wa yaro. Na farko, "kai rago ne". Yaron da aka yi wa gori a gaban abokansa zai ɓoye ciwo na gaba, wanda wataƙila shi ne na gaske. Na biyu, "in ba ka ji tsami ba, ba ka yi tirenin ba". Tsami ba ma'aunin ci gaba ba ne. Yaro na iya ƙara ƙarfi da gudu wata da watanni bai taɓa ɗingishi ba. Ƙananan yara ma, waɗanda ba su balaga ba, tsaminsu bai kai na manya ba ko da sun yi aiki iri ɗaya.

Idan muka saukar da jiki a hankali bayan atisaye, zai hana tsamin?

Ba zai hana ba. Binciken da aka tattara kan sassarfa da tafiya bayan atisaye bai nuna suna rage ciwon washegari yadda za a ce a zo a gani ba. Lahanin da ke jawo tsami ya riga ya faru a cikin atisayen, minti goma na zagaya fili ba zai warware shi ba. Kada ka yi wa yara alkawarin da jikinsu zai ƙaryata ka da safe.

Duk da haka ina ganin kada a bar shi, saboda wasu dalilai na daban. Lokacin gudu, hanyoyin jinin ƙafafu sun buɗe, kuma tsokar sharaɓa ce ke matsa jinin yana komawa sama zuwa zuciya. Idan yaro ya tsaya ƙyam bayan gudu mai tsanani, sharaɓa ta daina matsawa alhali hanyoyin suna buɗe, jini ya taru a ƙafa, wanda ke isa kai ya ragu. Nan ne za ka ga yaro ya ce yana ganin jiri ko duhu-duhu, wani ma ya zube. Tafiya a hankali tana hana wannan, tana kuma ba bugun zuciya da numfashi damar sauka daki-daki.

Dalili na biyu na koci ne. Waɗannan mintuna ne kaɗai kake ganin kowane yaro yana tafiya a gabanka ba ƙwallo a ƙafarsa. Mai ɗingishi, mai dafe cinya, wanda ya yi shiru fiye da yadda ya saba, a nan ake gane su kafin su watse.

Yaya ake tsara shi, kuma minti nawa?

Minti goma sun isa. Minti huɗu zuwa biyar na farko a yi sassarfa mai sauƙi wadda ke komawa tafiya, a saurin da yaro zai iya hira da na kusa da shi ba tare da haki ba. Idan ba ya iya magana, saurin ya yi yawa. Daga nan a koma inuwa, a sassauta igiyar takalmi, a cire abin kare ƙwauri, a fara shan ruwa. Minti uku zuwa huɗu na gaba a miƙa manyan tsokoki, wato gaban cinya, bayan cinya, sharaɓa da matsematsi, kowanne a riƙe daƙiƙa 20 zuwa 30, a tsaya inda aka ji ja, kada a kai inda aka ji zafi, kuma ba a lilo. Mintin ƙarshe naka ne: ka tambayi kowa ko akwai inda ke masa ciwo, ka faɗa musu abin da za su ji gobe.

Kurakuran da aka fi yi guda biyu ne. Wani kocin yakan mayar da zagayen ƙarshe tsere, "wanda ya zo na ƙarshe shi zai kwashe kaya", sai a tashi da bugun zuciya sama da yadda aka fara. Wani kuma yakan tsayar da yara a rana suna haki yana musu faɗan kurakuran wasa na minti ashirin. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi a Sakkwato, Maiduguri ko Yamai ke haura digiri 40, faɗan ya jira sai an shiga inuwa an sha ruwa. Yaron da ya rikice a irin wannan rana, yana magana ba kan gado ko yana tangaɗi, ba gajiya ba ce. A kwantar da shi a inuwa, a cire masa riga, a yi ta kwarara masa ruwan sanyi ana fifita, a nufi asibiti ana ci gaba da sanyaya shi a hanya.

Miƙa jiki fa? Shi ma ba ya maganin tsami?

Shi ma bambancin da yake kawowa ƙanƙani ne ƙwarai, ko kafin atisaye aka yi shi ko bayansa. Amfaninsa shi ne gaɓoɓi su riƙa buɗewa yadda ya kamata, kuma wannan na da muhimmanci ga yaron da ke cikin saurin tsawo, wanda sau da yawa za ka ga bayan cinyarsa ya ɗaure. Abin da za a kiyaye shi ne kada a sa yaro ya danne abokinsa da ƙarfi, kuma kada a ja tsokar da ta riga ta yi tsami sosai har sai mai ita ya yi ƙara.

Ta yaya zan bambance tsami da rauni na gaske?

Ka yi wa yaron tambaya huɗu. Yaushe ya fara? Tsami washegari yake zuwa, rauni kuwa yaro zai iya gaya maka daidai lokacin da ya ji shi, "ina cikin gudu na ji kamar an tsinka min abu a bayan cinya". A ina yake? Ka ce ya nuna maka. Mai tsami zai shafa cinyar gaba ɗaya da tafin hannu, kuma yawanci ƙafafu biyu ne. Mai rauni zai ɗora yatsa ɗaya a wuri ɗaya, a ƙafa ɗaya. Idan ka motsa yana sauƙi ko ƙaruwa? Tsami yakan lafa bayan minti goma na ɗumama jiki, rauni kuwa ƙaruwa yake. Ta ƙarshe, yau ya fi jiya ko ya ragu? Daga kwana na uku tsami sauka yake yi.

Sannan ka duba da idonka. Kumburi a gaɓa, wurin da jini ya kwanta ya yi duhu, gwiwar da ke sarƙewa ko take sulluɓewa, kasa taka ƙafa, zafi idan an danna kan ƙashi, duk waɗannan sun wuce tsami, na ma'aikacin lafiya ne. Haka ciwon da ya wuce mako guda bai ragu ba, ko wanda ke tayar da yaro daga barci. Kuma a ƙasarmu kada a manta da zazzaɓin cizon sauro: ciwon jiki gaba ɗaya tare da zafin jiki, sanyi da ciwon kai ba na atisaye ba ne, gwajin jini yake buƙata, kuma yaro mai zazzaɓi ba ya shiga fili.

Yarona ɗan shekara 13 kullum yana kukan ƙasan gwiwa bayan wasa. Tsami ne?

Da wuya. Idan zafin yana kan ɗan tudun ƙashin da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa, yana ƙaruwa da gudu, tsalle ko durƙuso, kuma wurin ya ɗan taso, to ya fi kama da ciwon da likitoci ke kira Osgood-Schlatter. A wannan wurin ne jijiyar da ta sauko daga tsokar cinya ta manne da ƙashi, kuma a shekarun saurin girma wurin bai gama ƙwari ba, ja da yawa sai ya fusata shi. Yakan kama maza tsakanin shekara 12 da 15, 'yan mata kuma da ɗan wuri. Akwai ɗan'uwansa da ke kama diddigen yara masu ƙarancin shekaru, kuma busasshen fili mai tauri na ƙara tsananta shi.

Ba ya tafiya cikin kwana biyar kamar tsami. Yakan yi watanni yana zuwa yana tafiya har sai ƙashin ya gama girma. A kai yaron a duba shi don a tabbatar, a rage masa tsalle da yawan wasanni a mako, kuma kada a bari a murza wurin ko a tsaga shi.

Akwai lokacin da tsami ke zama haɗari?

Akwai, kuma kowane koci ya kamata ya san shi. Idan aka yi wa tsoka aikin da ya wuce kima ƙwarai, takan lalace har abin da ke cikinta ya zuba cikin jini ya je ya toshe ƙoda. Alamunsa ciwo mai tsanani wanda ya fi na kullum nesa ba kusa ba, cinya ta kumbura ta yi tauri, yaro ya kasa miƙewa ko lanƙwasa ƙafa, fitsari ya koma kalar baƙin shayi ko ya ragu sosai. Wannan na asibiti ne a ranar, ba na kemis ba, domin ƙarin ruwa da gwajin ƙoda yake buƙata.

Abin da ya fi jawo shi shi ne motsi ɗaya da aka maimaita ɗaruruwa ga jikin da bai saba ba, musamman cikin zafi da ƙishi. Tsallen kwaɗo da ake sa yara a matsayin horo shi ne misali mafi kusa da mu, kuma ina roƙon malamai da kociyoyi su bar shi gaba ɗaya. A ƙara kula da yaran da ke da rukunin jini na AS, wanda a Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu ke ɗauke da shi. Suna wasa lafiya kamar kowa, amma gudu mai tsanani ba hutu cikin zafi ya fi yi musu barazana. Idan irin wannan yaro ya ce ƙafafunsa sun mutu ko numfashi ya gagare shi a tsakiyar atisaye, a tsayar da shi nan take. Mai sikila kuwa, wato SS, likitansa ne zai faɗi iyakar abin da zai yi, kuma ciwon ƙashinsa ba a ɗaukarsa tsami.

Yaro mai tsami zai yi atisaye ko ya zauna a gida?

Idan ya tsallake tambayoyi huɗun da muka kawo a baya don bambance tsami da rauni, motsi mai sauƙi ya fi zama. Yana rage zafin na ɗan lokaci kuma ba ya ƙara lahani. Sai dai tsokar da ta yi tsami ƙarfinta ya ragu na kwana biyu zuwa uku, saboda haka ba ranar gudun ƙure ƙarfi ko tsalle ba ce.

Mu ɗauki misali. Yaro ɗan shekara 15 ya dawo kulob bayan hutun mako shida. Ranar Litinin aka yi gudun tsaya-ka-juya da tsugunne-tashi. Talata ya zo yana tafiya a sanƙare. Ka ce ya ba ciwon maki daga 0 zuwa 10, ya ce 5, cinyoyi biyu, ba kumburi, fitsari lafiya. Ka ba shi minti goma na sassarfa, ka sake tambaya, ya ce ya koma 3. To ya yi ba-ni-in-ba-ka da sarrafa ƙwallo na minti talatin, ban da gudu mai ƙarfi. Laraba ita ce ranar da ciwon zai fi tsanani, ko dai hutu ko irin aikin Talata. Alhamis ya ce 2, yana sauka daga matakala ba ya dafa bango, sai a dawo da gudu a matsakaicin ƙarfi. Litinin ta gaba a maimaita atisayen farko, za ka ga tsamin bai kai rabin na baya ba. Da a ce ranar Talata makin ya hau bayan ɗumama jiki, ko yana ɗingisa ƙafa ɗaya, da sai a cire shi a duba shi.

Gyaran na gaskiya a ranar Litinin ɗin farko yake. Bayan dogon hutu a fara da kamar rabin abin da aka saba, a riƙa ƙarawa cikin mako biyu zuwa uku. Sabon motsi, irin atisayen bayan cinya na Nodik da ke cikin shirin ɗumama jiki don kare rauni mai suna FIFA 11+, a fara shi da maimaici uku zuwa biyar, kuma kada a shigo da shi saura kwana biyu a buga wasa. Bayan cikakken wasa ma jiki na buƙatar awa 48 zuwa 72 kafin wani aiki mai nauyi, abin da gasar unguwa ta kullum-kullum a lokacin hutu ba ta bayarwa.

Me zai ci, me zai sha, kuma barcin awa nawa?

Barci ne kan gaba. Masu shekara 13 zuwa 18 na buƙatar awa 8 zuwa 10 a kwana. Yaron da ya zauna gidan kallon ƙwallo ko kan waya har sha biyun dare, ya tashi asuba ya wuce makaranta, bai samu ko shida ba, kuma babu abincin da zai cike wannan giɓin. Nan ne iyaye suka fi koci iko.

Ruwa kuwa ana iya auna shi idan akwai sikeli. Kowane kilo ɗaya da ya ragu a lokacin atisaye kusan lita ɗaya ce ta zufa, kuma ana mayar da lita ɗaya da kwata zuwa ɗaya da rabi a madadinsa. Yaron da ya shiga fili da kilo 55 ya fito da 53.8 ya rasa kilo 1.2, zai sha lita 1.5 zuwa 1.8, wato ledar fiya wata uku zuwa uku da rabi, a rarrabe cikin awa biyu zuwa huɗu. In babu sikeli, a duba fitsari: mai haske ya nuna ruwa ya isa.

Abinci a ci shi cikin awa ɗaya zuwa biyu, ya haɗa mai ba da ƙarfi da mai gina jiki. Yaro mai kilo 55 na buƙatar kamar giram 15 zuwa 20 na furotin a zama ɗaya. Ƙwai ɗaya na da kusan giram 6, saboda haka burodi da ƙwai uku sun kai. Shinkafa da wake, fura da nono, ƙosai da koko, awara, ɗanwake da ƙwai, duk suna yin aikin, gishirin da ke cikinsu kuma na mayar da wanda zufa ta fitar. Ba ya buƙatar garin furotin na gwangwani, lemon ƙara kuzari kuma yana hana shi barcin da ya fi buƙata.

Zan iya ba shi maganin ciwon jiki, ko a gasa masa jiki?

Tsami na yau da kullum ba ya buƙatar ƙwaya. Ibufurofen da diklofenak na rage zafi, amma ga yaron da ya yi zufa bai mayar da ruwa ba suna takura ƙoda, suna kuma iya taɓa ciki. Mafi muni shi ne a sha kafin wasa don kada a ji ciwo, domin an kashe ƙararrawar da za ta ce a tsaya. Asfirin ba a ba 'yan ƙasa da shekara 16 sai da umarnin likita. Taramol kuwa, ban da jarabar da yake sawa, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa tun daga 1 ga Janairun 2024. Kocin da ya ga yaransa na haɗa kuɗi suna aika kemis kafin wasa, ya zauna da su da iyayensu.

Wanka da ruwan ɗumi, tausa mai laushi da man zafi suna sa a ji daɗi na ɗan lokaci, kuma ba laifi idan tsami ne. Idan sabon rauni ne mai kumburi, kamar targaɗe, kada a gasa kuma kada a murza a kwana biyun farko. Shiga ruwan ƙanƙara da yara ke gani manyan 'yan wasa na yi yana ɗan rage tsami, amma an gano cewa yawan yin sa bayan atisayen ƙarfi na rage ginuwar tsoka. Su suna yi ne don wasanninsu a matse suke.

Idan azumi ya kama fa?

Matsalar ita ce ba a iya mayar da ruwa da abinci sai an sha ruwa. Don haka atisayen safe mai nauyi shi ne mafi muni, yaro zai wuni da ƙishi a kan jikin da ya riga ya yi zufa. A mayar da aiki mai sauƙi zuwa awa ɗaya kafin magariba, yadda saukar da jiki zai ƙare daf da buɗa-baki, mai nauyi kuma bayan an ci abinci ya faɗa. Lissafin ruwan da muka kawo a baya yana nan, sai dai a rarraba shi daga magariba zuwa sahur, a kuma sa abinci mai gina jiki a duka biyun. Barcin da sahur ya yanke a rama shi da rana, kuma sabon atisayen da yara ba su saba ba a ajiye shi sai bayan salla.